Jirgin da Ya Tashi a 2018 Ya Sauka a 2017

Da ƙarfe 12:05 na daren Litinin, 1 ga Janairun 2018, wani jirgin saman kamfanin Hawaiian Airlines mai lamba 446 ya tashi daga birnin Auckland na ƙasar New Zealand, ya nufi Honolulu da ke tsibiran Hawaii. An tsara zai tashi tun ƙarfe 11:55, wato saura minti biyar tsohuwar shekara ta ƙare, amma ya yi jinkirin minti goma, sai ya zama fasinjojin sun shiga sabuwar shekara ƙafafun jirgin na ƙasa. Sun shafe awa tara da 'yan mintoci a sama. Da suka sauka, agogon filin jirgin Honolulu yana nuna wajen ƙarfe goma da kwata na safe, kwanan wata kuwa Lahadi, 31 ga Disamban 2017. Mutanen da suka yi wa juna barka da sabuwar shekara a Auckland sun tarar da jama'ar Honolulu ba su ma gama sayayyar bikin ba, domin saura kusan awa goma sha huɗu shekarar ta kama a wurinsu.

Duk wanda ya ji labarin nan karon farko sai ya ce ko dai kuskuren rubutu ne, ko kuma an yi masa ƙari. Babu ko ɗaya. Irin wannan tafiya ana yin ta kullum a kan tekun Fasifik, sai dai ba a cika lura ba sai ta faɗo a daren sabuwar shekara.

Hanya mafi sauƙi ta warware kullin ita ce a ajiye agogon Auckland da na Honolulu gefe, a duba tafiyar da agogo ɗaya tak daga farko har ƙarshe. A ɗauki agogon Najeriya da Nijar. A watan Janairu, Auckland tana gaban Kano da awa goma sha biyu cif. Saboda haka lokacin da jirgin ya ɗaga, ƙarfe 12:05 na rana ne a Kano, ranar Lahadi 31 ga Disamba, ana shirin sallar azahar. Lokacin da ya sauka kuwa, ƙarfe tara da kwata na dare ne a Kano, a wannan Lahadin dai. Wanda yake zaune a Kano yana bibiyar jirgin bai ga wani abin mamaki ba: jirgi ya tashi da rana, ya sauka bayan isha'i, awa tara sun wuce kamar yadda suka saba wucewa. Fasinjojin sun ƙara tsufa da awa tara, man jirgin ya ragu, ba wanda aka mayar wa ko da daƙiƙa ɗaya. Abin da ya sauya shi ne sunan da mutanen wurin saukar suke kiran ranar da shi.

To me ya sa garuruwa biyu za su saɓa a kan sunan rana, har saɓanin ya kai kusan kwana guda?

Asalin maganar daga juyawar duniya ne. Ƙasa tana juyawa daga yamma zuwa gabas, tana kammala zagaye ɗaya, wato digiri 360, a cikin awa 24. Idan aka raba, kowace awa tana cin digiri 15, kowane digiri ɗaya kuma minti huɗu. Shi ya sa rana take riga fitowa a gabas. Masu azumi sun san wannan ba sai an karantar da su ba: mutumin Maiduguri yana shan ruwa, na Sakkwato yana da sauran kusan rabin awa, domin tsakanin garuruwan biyu akwai kimanin digiri takwas. Najeriya ta haɗa kowa a agogo ɗaya don sauƙin aiki, amma da tazarar ta yi yawa dole agogo ya bambanta. Alhazai suna ƙara awa biyu idan sun sauka Jidda. Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou yana ƙara awa bakwai.

Ana auna waɗannan bambance-bambance ne daga wani layi da aka zana a taswira, wanda ya taso daga ƙuryar arewacin duniya zuwa ƙuryar kudu, ya ratsa unguwar Greenwich a Landan. Wakilan ƙasashe 25 ne suka zauna a Washington a watan Oktoban 1884 suka zaɓe shi a matsayin mafarin lissafi, kuma daga nan agogon GMT da masu sauraron rediyo suka saba ji ya samo sunansa. Layin ya ratsa Afirka ta Yamma ma, ya bi ta garin Tema kusa da Accra kafin ya faɗa teku. Duk wanda yake gabas da shi agogonsa yana gaba, wanda yake yamma agogonsa yana baya.

A nan ne matsalar take ɓullowa. A ce mutum biyu sun tashi daga Tema da ƙarfe takwas na safiyar Litinin, cikin wani abin hawa da ba ya ɓata lokaci ko kaɗan. Ɗaya ya yi gabas, yana ƙara awa ɗaya a duk digiri 15. Ɗayan ya yi yamma, yana rage awa ɗaya a duk digiri 15. Idan kowannensu ya ci rabin duniya, wato digiri 180, za su haɗu a tsakiyar tekun Fasifik. Na gabas ya ƙara awa goma sha biyu, agogonsa yana cewa takwas na daren Litinin. Na yamma ya rage awa goma sha biyu, agogonsa yana cewa takwas na daren Lahadi. Suna tsaye wuri ɗaya, duhu ɗaya ya rufe su, agogunansu sun yi daidai a kan ƙarfe takwas, amma tsakanin kalandarsu akwai kwana guda. Kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Masana sun hango wannan tun kafin wani ya zagaya duniya. Abul Fida, sarkin Hama a ƙasar Sham wanda ya rasu a 1331, ya bayyana a littafinsa na ilimin ƙasa, Taƙwimul Buldan, cewa idan mutum ya zagaya duniya ta yamma ya dawo inda ya tashi, lissafin kwanakinsa zai gaza na mazauna gida da kwana ɗaya, wanda ya bi ta gabas kuma nasa zai ɗara da kwana ɗaya. Sai da aka yi kusan shekara ɗari biyu kafin wasu suka gani da idonsu. Ayarin jiragen ruwan Ferdinand Magellan ya bar Sifaniya a watan Satumban 1519, ya yi ta bin yamma. Magellan kansa ya mutu a hanya. Jirgi ɗaya da ya rage, mai suna Victoria, ya iso tsibiran Cape Verde da ke gaɓar Afirka ta Yamma a watan Yulin 1522. A lissafin matuƙan, ranar Laraba ce 9 ga wata. Da suka tambayi mutanen tsibirin, sai aka ce musu yau Alhamis. Antonio Pigafetta, wanda yake rubuta abin da ya faru kowace rana tun daga farkon tafiyar, ya rasa inda kwana ɗaya ya shige, domin ya tabbata bai tsallake ko rana ɗaya ba.

Bai tsallake ba kuwa. Da yake suna bin rana zuwa yamma, kowane yini nasu yana ɗan fin awa 24 da 'yan mintoci, gwargwadon nisan da suka ci a ranar. Ba wanda zai lura da ƙarin minti biyu ko biyar a yini. Amma da suka cika digiri 360, mintocin nan sun taru sun zama awa 24, wato sun ga fitowar rana sau ɗaya ƙasa da wanda ya zauna a gida.

Tunda haka ne, dole a sami wani wuri a doron ƙasa inda za a daidaita lissafin, inda matafiyi zai ƙara kwana ko ya rage. Wurin shi ne layin sauyin kwanan wata na duniya. Yana bin digiri na 180, kishiyar layin Greenwich, kuma aka yi dace yawancinsa ruwa ne, babu manyan garuruwan da zai raba biyu. Ƙa'idarsa gajera ce. Wanda ya ƙetare shi yana tafiya gabas, wato daga ɓangaren Asiya da Ostareliya zuwa ɓangaren Amurka, zai mayar da kalandarsa baya da kwana ɗaya. Wanda ya ƙetare shi yana tafiya yamma zai tura ta gaba da kwana ɗaya. Layin ba ya taɓa agogo, kalanda kawai yake taɓawa: ƙarfe uku na rana tana nan a ƙarfe uku, sai dai Talata ta koma Litinin.

Da wannan ƙa'idar za a iya sake bin jirgin Auckland taki-taki. Ya tashi 12:05 na dare. Bayan awa tara da minti goma sha ɗaya, agogon da ke hannun fasinjan da bai taɓa shi ba yana nuna 9:16 na safiyar Litinin. Honolulu tana gabas da Auckland, don haka kamar kowace tafiyar gabas sai a ƙara wa agogo, a wannan lokacin na shekara awa ɗaya, ya zama 10:16. Sannan, da yake an ƙetare layin, sai a cire kwana ɗaya: Litinin 1 ga Janairu ta koma Lahadi 31 ga Disamba. Ƙara awa ɗaya da cire awa 24 daidai yake da cire awa 23, kuma shi ne ainihin bambancin biranen biyu a watan Janairu, domin Auckland tana gaban GMT da awa 13, Honolulu kuma tana bayansa da awa 10.

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi ne yake sa batun ya zauna a kai sosai. A kusan kowane lokaci, ranaku biyu ne suke gudana a duniya, wasu ƙasashen suna cikin yau, wasu suna cikin jiya ko gobe. Ranaku biyun nan suna da iyaka biyu. Iyaka ta farko ita ce inda tsakar dare yake a wannan lokacin, kuma ba ta tsayawa, tana tafiya yamma tana zagaya duniya sau ɗaya a kowane kwana. Iyaka ta biyu ita ce layin da ke Fasifik, wanda yake kafe wuri ɗaya. Sabuwar rana tana fara bayyana ne a yammacin layin, ta yi ta faɗaɗa zuwa Asiya, Afirka, Turai, har ta kai Amurka, tsohuwar kuma tana tsukewa har ta ƙare a gabashin layin.

Ma'anar wannan ita ce, mutum zai iya komawa jiya ba tare da ya je Fasifik ba, in dai ya tsallaka iyaka ta farko. Direbobi da fataken da ke bin hanyar Legas zuwa Accra suna iya gamuwa da haka. Jamhuriyar Benin tana kan agogon Najeriya, Togo kuwa tana kan GMT. Wanda ya tsallaka iyakar Benin zuwa Togo da ƙarfe 12:20 na dare, Talata ta riga ta shiga, zai tarar a Togo ƙarfe 11:20 ne na daren Litinin. Ya koma jiya, amma na minti arba'in kacal, tsakar dare ta sake cim masa. Bambancinsa da fasinjan Auckland shi ne yawan awoyin: wannan ya sami awa ɗaya, wancan ya sami 23.

Sai dai ba duk jirgin da ya ƙetare layin zuwa gabas ne yake sauka a jiya ba, kuma a nan ne masu ba da labarin suke yawan zarcewa. Sharaɗin guda ɗaya ne. A ɗauki awoyin da suka wuce tun tsakar dare a garin da aka tashi, a haɗa da tsawon tafiyar. Idan jimlar ba ta kai bambancin agogon garuruwan biyu ba, za a sauka a kwanan watan jiya. Idan ta kai ko ta wuce, za a sauka a kwanan watan da aka tashi.

A gwada da Tokyo zuwa Los Angeles a watan Janairu. Tokyo tana gaban GMT da awa tara, Los Angeles tana bayansa da awa takwas, bambanci awa 17 ke nan, tafiyar kuma kimanin awa goma. Jirgin da ya tashi ƙarfe ɗaya na daren Laraba, awa ɗaya bayan ranar ta shiga, jimlarsa sha ɗaya. Sha ɗaya bai kai 17 ba, saura shida, don haka zai sauka saura awa shida Laraba ta shiga Los Angeles, wato ƙarfe shida na yammacin Talata. Amma jirgin da ya tashi ƙarfe biyar na yammacin Laraba ya riga ya ci awa 17 daga ranar, a haɗa da goma ya zama 27. A cire 17, saura goma. Zai sauka ƙarfe goma na safiyar Laraba. Kwanan wata bai koma baya ba, ko da yake agogo ya nuna ya sauka awa bakwai kafin lokacin da ya tashi. Yawancin jiragen da ke tashi daga Asiya zuwa Amurka da rana ko da yamma irin wannan na biyun ne. Masu komawa jiya su ne masu tashi jim kaɗan bayan tsakar dare ko da sassafe, ko kuma waɗanda tafiyarsu gajera ce.

Fasinjojin wani jirgin kamfanin United Airlines sun ɗanɗana iyakar wannan sharaɗi a farkon 2024. Jirgin mai lamba 200 yana tashi daga tsibirin Guam zuwa Honolulu, bambancin agogonsu awa 20, tafiyar kuma kusan awa bakwai. An tsara zai tashi 7:35 na safiyar 1 ga Janairu ya sauka 6:50 na yammacin 31 ga Disamban 2023, har kamfanin ya yi tallan cewa fasinja zai yi bikin sabuwar shekara sau biyu. Sai aka sami jinkirin fiye da awa shida. Jirgin bai tashi ba sai wajen ƙarfe biyu saura na rana. Kusan awa goma sha huɗu a haɗa da kusan bakwai ya haura ashirin, sai ya sauka Honolulu kimanin rabin awa bayan tsakar dare, 2024 ta riga shi isa.

Tafiyar yamma kuwa ita ce take karɓe abin da ta gabas ta bayar. Jiragen Los Angeles zuwa Sydney sukan tashi da daddare. Wanda ya tashi ƙarfe 10:30 na daren Juma'a a watan Janairu zai yi kimanin awa 15 a sama, kuma Sydney tana gaban Los Angeles da awa 19. Sai ya sauka ƙarfe 8:30 na safiyar Lahadi. Asabar ɗinsa ba ta wuce 'yan awoyi a cikin duhu ba, tana shiga bayan tashin jirgi, kafin gari ya waye sosai an ƙetare layin ta zama Lahadi. Wanda ya je ya dawo ta hanya ɗaya bai ci riba ba bai yi asara ba. Kwanan da ya samu a zuwa shi zai biya a dawowa.

Wanda ya duba taswira zai ga layin ba miƙaƙƙe ba ne. Yana karkata gabas, ya karkata yamma, a tsakiyar Fasifik ma ya yi wani babban lanƙwaso. Dalili shi ne babu wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ta shata shi. Taron 1884 bai zana shi ba. Kowace ƙasa ita take zaɓar agogonta da kwanan watanta, masu zana taswira kuma su bi abin da ƙasashen suka zaɓa. A arewa ya kauce gabas ya bi ta mashigin Bering don gabashin Rasha ya kasance rana ɗaya da sauran ƙasar, sannan ya kauce yamma don tsibiran Aleutian su zauna tare da Amurka. A cikin mashigin akwai tsibirai biyu masu suna Diomede, babban na Rasha, ƙaramin na Amurka. Tsakaninsu bai fi kilomita huɗu ba, ana hango ɗaya daga ɗaya, amma agogonsu ya bambanta da awa 21 a lokacin hunturu.

Babu inda ya nuna cewa zaɓin mutane ne kamar Samoa. A 1892 ƙasar ta koma gabashin layin don kwanan watanta ya dace da na 'yan kasuwar Amurka, sai aka maimaita Litinin 4 ga Yuli sau biyu. Bayan shekara 119, huldar cinikinta ta karkata ga Ostareliya da New Zealand, inda 'yan Samoa da yawa suke zaune. Abin ya zama wahala: Juma'a a Samoa Asabar ce a Auckland, ofisoshi a rufe, Litinin a Auckland kuma Lahadi ce a Samoa, jama'a suna coci. Ranakun aiki biyu suna salwanta a kowane mako. Gwamnatin Firaminista Tuilaepa Sailele Malielegaoi ta yanke shawarar komawa yammacin layin. Da tsakar daren Alhamis 29 ga Disamban 2011, kalandar ƙasar ta tsallaka kai tsaye zuwa Asabar 31 ga wata. Juma'a 30 ga Disamban 2011 ba ta taɓa kasancewa a Samoa ba.

Maƙwabciyarta, Samoa ta Amurka, ba ta bi ta ba. Yau tsibiran biyu agogonsu ɗaya ne, kalandarsu ta bambanta da kwana guda cif. Ƙananan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Apia da Pago Pago ba sa kai awa ɗaya a sama. Wanda ya tashi Apia ƙarfe tara na safiyar Talata zai sauka Pago Pago kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin. A wannan hanyar sharaɗin nan da aka ambata kusan kullum yana cika, tunda bambancin awa 24 ne, tafiyar kuma gajera.

Babban lanƙwason tsakiyar teku kuwa aikin Kiribati ne. Tsibiranta sun bazu a ɓangarorin layin biyu, har ya zama ofisoshin gwamnati ɗaya ba sa haɗuwa a ranar aiki sai kwana huɗu a mako. Daga farkon 1995 ƙasar ta mayar da dukkan tsibiranta kan kwanan wata ɗaya, na gabashinta suka zama gaban GMT da awa 14. Wannan ya haifar da wani abu da ba a saba ji ba: akwai ɗan lokaci a kowace rana da kwanan wata uku suke gudana tare. Da ƙarfe 11:30 na safiyar Litinin a Kano, ƙarfe 11:30 ne na daren Lahadi a Pago Pago, a tsibirin Kiritimati kuma Talata ta shiga da rabin awa.

Matafiyin da ya tashi daga Najeriya, Nijar ko Ghana zuwa Amurka ba ya gamuwa da layin, domin jirginsa ta tekun Atlantika yake bi. Amma ɗalibin da ke karatu a Malesiya ko Japan, ko ɗan kasuwar da ya gama sayayya a Sin zai wuce Amurka ko Kanada, akasari ta kan Fasifik za su bi, kuma a nan ne rashin sanin lissafin yake jawo asara.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne duk lokacin da aka rubuta a tikiti agogon wurin ne: lokacin tashi da agogon garin tashi, lokacin sauka da agogon garin sauka. Kusa da lokacin sauka akan ga wata 'yar alama. Idan an rubuta +1, ana nufin za a sauka washegari. Idan +2 ce, jibi. Idan kuwa aka ga -1, to jirgin zai sauka a ranar da ta gabaci ranar tashi. Wanda ya ga tikitinsa na cewa tashi 15 ga wata, sauka 14 ga wata, kada ya ruga wurin wakilin da ya sayar masa da tikitin yana cewa an yi kuskure. Abin da ya kamace shi shi ne ya kama ɗakin otal daga daren 14, ya kuma gaya wa mai tarbarsa 14. Mutane sukan kama ɗaki da ranar tashinsu, su isa su tarar babu masauki sai gobe, mai zuwa ɗaukarsu ma yana gida yana jiran washegari. A tafiyar yamma kuskuren yana juyawa: mai taro ranar Asabar a Sydney wanda ya bar Los Angeles daren Juma'a zai isa an riga an watse. Jirgin da za a canja a hanya shi ma da kwanan watan filin da za a canja shi ake duba shi.

Mai shan magani a kan ƙa'idar awoyi, kamar masu ciwon suga ko hawan jini, jikinsa bai san da layin ba. Abin da ke da amfani gare shi shi ne awoyin da suka wuce tun shan da ya gabata, don haka yana da kyau ya bar agogo ɗaya a kan lokacin garin da ya taso har ya isa, ya kuma tuntuɓi likitansa kafin tafiyar a kan yadda zai koma sabon lokaci. Lokutan salla su ma da rana suke tafiya, layin ba ya ƙara fitowar rana ko faɗuwarta ko ɗaya. Abin da yake iya jawowa shi ne maimaituwar sunan rana. Wanda ya yi sallar Juma'a a Auckland, ya hau jirgi ƙarfe goma sha ɗaya na dare, zai sauka Honolulu wajen ƙarfe tara na safiyar Juma'a, ya tarar masallata suna shirin tafiya masallaci. Hukuncin wannan, da na ƙidayar kwanakin azumi ga wanda ya ƙetare layin a Ramadan, tambaya ce da ya dace matafiyi ya kai wa malamai tun kafin ya ɗaura jaka.

Duk wanda tikiti ya rikita shi, ya mayar da lokutan biyu zuwa agogo ɗaya, ko GMT ko na gida, sannan ya cire na tashi daga na sauka. Abin da ya fito shi ne awoyin da zai yi a sama. Idan ya yi daidai da tsawon tafiyar da kamfanin jirgin ya rubuta, tikitin lafiyarsa ƙalau, sai ya bi kwanan watan saukar da aka rubuta wajen kama masauki da sanar da masu tarba.